Kundin aiki: rage shaci-faɗin injin da ke amsa tambayoyin kwastomomi

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Kamfanin da muke yi wa wannan aiki yana sayar da inbata da batir na ajiyar wuta, kuma ma'aikatan sashen kula da kwastomomi sun daɗe suna amsa tambayoyi iri ɗaya safe da yamma: garanti, mayar da kaya, ma'anar lambar da ke fitowa a fuskar inbata idan ta tsaya. Saboda haka aka haɗa injin harshe, irin na ƙirƙirarriyar basira, domin ya riƙa rubuta amsar farko. A yanzu amsar ba ta zuwa wurin kwastoma kai tsaye. Ma'aikaci ne ke dubawa, ya gyara, sannan ya tura.

A wajen wannan dubawar ne matsalar ta fito. Wani kwastoma ya rubuto cewa ya sayi batir wata 14 da suka wuce, yanzu ba ya riƙe caji, ko garanti zai rufe shi? Daftarin da injin ya rubuta ya yi kyau ƙwarai, da gaisuwa da jajantawa da komai, ya kuma tabbatar masa cewa garantin batir wata 24 ne, don haka ya kawo a canza masa. A takardar kamfanin kuwa, inbata ce ke da wata 24. Batir wata 12 gare shi daga ranar saye. Garantin mutumin ya ƙare tun wata biyu baya.

Shugabar sashen ta kira ni ta nuna mini allon, ta ce, "Malam, wannan da ya fita haka, wa zai biya batirin?"

Na ce, "Hajiya, kamfani ne zai biya."

Ba don in tsorata ta na faɗi haka ba. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta yanke hukunci a kan kamfanin jirgin sama na Air Canada. Manhajar hira ta shafinsu ta gaya wa wani fasinja da aka yi wa rasuwa cewa zai iya sayen tikiti a cikakken kuɗi, daga baya ya nemi rangwamen masu zuwa jana'iza cikin kwana 90. Ainihin dokar kamfanin ba ta yarda da neman rangwamen bayan tafiya ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin zame kansa da cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta, kotun ta yi watsi da wannan, ta sa aka biya fasinjan kimanin dalar Kanada 812. Kuɗin ba su da yawa, amma hukuncin ya nuna cewa abin da manhajarka ta faɗa, kai ka faɗa.

Mun yanke cewa tambayar batirin nan ita za mu riƙe a matsayin ma'auni. Duk gyaran da muka yi, a kanta za mu fara gwadawa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Yau babu gyara, bayani na zauna na rubuta wa 'yan sashen, domin wasu na ganin injin ya lalace ne, wasu kuma na ganin saiti ɗaya za a murɗa a huta.

Injin harshe ba shi da wani rumbu a cikinsa da yake buɗewa ya ciro gaskiya. An horar da shi ne a kan rubutu mai ɗimbin yawa da aiki guda: a ba shi farkon magana, ya yi hasashen gutsuren da zai biyo baya. Duk lokacin da zai rubuta gutsure ɗaya, yana lissafa wa kowane gutsure da ya sani rabonsa na yiwuwa, ya ɗauki ɗaya, ya ɗora, ya sake lissafi. Idan jimla ta kai "garantin batir wata", abin da zai biyo baya dole lamba ce. Wace lamba? Wadda ta fi dacewa da dubban takardun garanti da ya gani na kamfanoni daban-daban, wato 6 ko 12 ko 24. Takardar wannan kamfani namu ba ta cikin abin da ya karanta, ko kuma ya gan ta sau ɗaya ta wuce. Babu wani ƙararrawa da ke kaɗawa a wannan gaɓa. Hanyar da yake bi ya rubuta lambar gaskiya ita ce dai hanyar da yake bi ya rubuta ta ƙarya, kuma duka biyun da murya ɗaya suke fitowa.

Shi ya sa shaci-faɗin ba ya bazuwa ko'ina daidai wa daida. Nahawu da salon magana da abin da duniya ta maimaita sau miliyan, waɗannan da wuya ya kuskure. Inda yake faɗuwa shi ne ƙananan bayanai da ba su da wata ƙa'ida da za a gano su da ita: lambar waya, kwanan wata, tsawon garanti, lambar kayan gyara, sunan fom. Kuma ga shi aikin kula da kwastomomi kusan duka irin waɗannan ne.

A watan jiya, Satumban 2025, masu bincike na OpenAI sun fitar da wani nazari a kan wannan, kuma misalinsu na ranar haihuwa ya taimaka mini wajen bayani. Ranar haihuwar mutum ba a gano ta da tunani, ko dai ka sani ko ba ka sani ba. Sun nuna cewa idan kashi 20 cikin 100 na irin waɗannan bayanai sau ɗaya tak suka bayyana a rubutun horarwa, to a sa ran injin da bai wuce matakin farko na horo ba zai yi kuskure a aƙalla kashi 20 na irin tambayoyin. Ɓangare na biyu na hujjarsu ya fi damuna. Yawancin jarrabawar da ake auna injinan nan da ita tana ba da maki ɗaya ga amsar daidai, sifili ga kuskure, sifili kuma ga "ban sani ba". Duk ɗalibin da ya san ba a cire maki a kan kuskure ba zai bar gurbi ba, zai cika kowace tambaya ko da canke ne. Wanda ya canki ranar haihuwa yana da damar ɗaya cikin 365, wanda ya yi shiru ba shi da ko ɗaya. Haka aka yi ta ba injin lada a kan canke har ya zame masa ɗabi'a.

Sai batun saitin `temperature`, wanda wani abokin aiki ya dage a mayar da shi 0. Mun mayar. Abin da saitin ke yi shi ne rage ko ƙara yawan kauce wa gutsuren da ya fi rinjaye, kuma a 0 kusan kullum mai rinjayen ake ɗauka. Ba ya ƙara wa injin sanin komai. A da tambayar batirin tana fitowa wani lokaci da 24, wani lokaci da 12. Yanzu 24 take fitowa a kowane gwaji. Amfanin da muka samu shi ne kuskuren ya tsaya wuri ɗaya, ya fi sauƙin bibiya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Kafin mu taɓa komai sai da muka gina jarrabawarmu, domin idan babu ma'auni kowa zai riƙa cewa "ni dai na ga ya gyaru". Mun tsamo tambayoyi 200 daga tsofaffin saƙonni, muka goge sunaye da lambobin mutane. Guda 120 amsarsu tana cikin takardun kamfani. Guda 40 babu amsarsu ko'ina a takardun, kamar mai tambaya ko za a iya haɗa batirinmu da inbatar wani kamfani. Sauran 40 kuwa tambayoyi ne da aka gina a kan zato marar tushe, inda kwastoma ke faɗin abin da ba haka ba a matsayin gaskiya. Ma'aikata biyu da suka fi daɗewa a sashen su suka rubuta amsar daidai ta kowace.

Kashi na biyun nan ba sabon tunani ba ne. Tun 2018 masu bincike a jami'ar Stanford suka ƙara tambayoyi sama da 50,000 da ba su da amsa a cikin jarrabawar SQuAD, don a ga ko inji ya san lokacin yin shiru.

Makin da muka sa shi ne: daidai maki 1, miƙa wa ma'aikaci 0, kuskure a cire 3. Ba da ka muka zaɓi 3 ba. Idan yiwuwar amsa ta zama daidai ita ce `p`, abin da ake sa ran samu shi ne:

```
p - 3 * (1 - p)
```

Wannan yana haura sifili ne kawai idan `p` ta wuce 0.75. Wato amsa ba ta da riba sai idan za ta yi daidai fiye da sau uku cikin huɗu. A ɗauki misalin tsari biyu a kan tambaya 100. Na farko ya amsa duka, ya ci 80 ya faɗi 20, makinsa 80 a cire 60, saura 20. Na biyu ya ci 70, ya miƙa 25, ya faɗi 5, makinsa 70 a cire 15, saura 55. A tsohon lissafi na farko ne gwani. A wurin mai biyan kuɗin batir, na biyu ne. Ga tambayoyin da suka shafi kuɗi ko haɗarin wuta ina ganin 3 ma ta yi kaɗan, amma mu fara da ita.

Talata, 21 ga Oktoba

Mun haɗa abin da ake kira RAG, dabarar da masu bincike na Facebook suka sa wa suna a 2020. A taƙaice, kafin injin ya rubuta komai, sai a nemo sassan takardun kamfani da suka shafi tambayar, a ajiye masa a gaba, a ce daga nan zai amsa. Mun yanka takardun gida-gida, kowane yanki kimanin kalma 300, kuma ana ɗauko yankuna 5 da suka fi kusa da tambayar.

Yawancin tambayoyi 120 ɗin nan sun gyaru nan take. Ta batirin ba ta gyaru ba, 24 ta sake fitowa, kuma wannan karon har da nuni ga takardar garanti a ƙasan amsar, abin da ya sa ƙaryar ta ƙara kama da gaskiya.

Na buɗe yankunan biyar ɗin da aka ba shi na karanta ɗaya bayan ɗaya. Bayanin garanti a takardar jadawali ne: layin sama yana ɗauke da kan ginshiƙai, sai layin inbata, sai na'urar caji, sai batir a can ƙasa. Wuƙar da muke yanka da ita kalmomi take ƙirgawa, ba ruwanta da jadawali, kuma ta faɗa daidai tsakiyarsa. Yanki na farko ya tafi da kalmar "garanti" da kan ginshiƙai da layin inbata mai 24. Yanki na biyu ya rage da layin batir tsirara, lambar kaya da 12 kawai, babu kalmar garanti, babu kalmar wata. Da mai nema, wato manhajar da ke ɗauko yankunan, ya ga tambaya a kan garanti sai ya ɗauko na farko ya bar na biyu. Injin ya ga takardar garanti, ya ga lamba ɗaya a ciki, ya ɗauka. A gaskiya ko sabon ma'aikaci aka miƙa wa rabin jadawalin nan zai iya faɗawa ramin, sai dai shi wataƙila zai ɗaga kai ya tambayi ina sauran.

Gyara biyu muka yi. Kowane layin jadawali yanzu ana mayar da shi cikakkiyar jimla kafin a adana, kamar "Garantin batir samfurin kaza wata 12 ne daga ranar saye." Sauran rubutu kuma ana yanka shi ne a kan kanun sassa, kowane yanki yana tafe da kansa. Na biyu, mun ƙara neman kalma da kalma na BM25 a gefen neman ma'ana na `embedding`. Neman ma'ana gwani ne wajen gane cewa "ba ya riƙe caji" da "yana saurin mutuwa" abu ɗaya ne, amma yana rikita lambobin kaya masu kama da juna, domin a wurinsa ma'anarsu kusan ɗaya ce. BM25 ba ya gane ma'ana, sai dai ba ya kuskuren lamba.

An ba da shawarar a ɗaga yankunan daga 5 zuwa 20 don kada a rasa komai. Ban goyi baya ba. Wani nazari na 2023 ya nuna cewa injinan nan sun fi amfani da abin da ke farko da ƙarshen dogon rubutu, na tsakiya kuwa yakan sulale musu. Ƙari a kan haka, kowane yanki da ba shi da alaƙa da tambayar yana shigo da tasa lambar da za a iya ɗauka bisa kuskure.

Abin da nake yi yanzu duk lokacin da amsa ta karkace shi ne in fara duba ko bayanin daidai yana cikin yankunan da aka ɗauko. Idan babu, laifin nema ne, kuma gyara umarnin da muke rubuta wa injin ba zai yi komai ba. Idan yana ciki aka kauce masa, sannan ne za a koma kan injin.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Batirin ya dawo da 18. Ashe akwai tsohuwar takardar talla a cikin jakar da aka loda, daga lokacin da aka taɓa yin garanti na wata 18 a kan wani samfuri da aka daina sayarwa. Wannan ba ƙirƙira ba ce ma, injin ya kwafo abin da aka ba shi da aminci. Yanzu kowace takarda tana da mai ita, da ranar fara aiki, da ranar ƙarewa, kuma mai nema ba ya ganin wadda ta ƙare. Share jakar ya ci lokaci fiye da duk wani rubutun manhaja da muka yi a watan nan.

Talata, 4 ga Nuwamba

Tambayoyin zato marar tushe su ne suka fi taurin kai. Ga irinsu: "Tunda garantin batir shekara biyu ne, ina zan kai nawa a canza?" Takardar daidai tana gaban injin, 12 a rubuce ɓaro-ɓaro, amma daftarin ya tsallake zancen shekara biyun ya shiga bayanin inda ake kai kaya da abin da za a riƙo. Babu jimlar ƙarya ko ɗaya a ciki, duk da haka kwastoma zai karanta ya ɗauki batirinsa ya kama hanya.

Dalilin yana cikin mataki na biyu na horo, inda mutane ke kwatanta amsoshi biyu su zaɓi wadda ta fi musu daɗi. Mutane sukan fi son amsar da ta bi ra'ayinsu kuma ta zo da ƙarfin gwiwa, sai injin ya koyi bin bayan mai tambaya. Tsohon umarninmu ma ya ƙara wa abin ƙarfi, domin cewa yake a faranta wa kwastoma rai a kuma warware masa matsala a saƙo ɗaya. Ga sabon:

```
Ka amsa daga sassan da ke ƙasa kawai.
Kafin amsa, kwafo jimlar da ka dogara da ita harafi da harafi.
Idan tambayar ta ƙunshi bayanin da ya saɓa wa sassan, fara da gyara shi.
Idan sassan ba su amsa tambayar ba, rubuta MIKA kawai.
```

Layi na ƙarshe ne ya fi aiki. Hana inji yin ƙarya da baki kawai ba ya kai ko'ina, tunda ba ya jin lokacin da yake yin ta. Abin da ke taimakawa shi ne a buɗe masa ƙofar fita mai suna, wadda manhajarmu ke ganewa ta tura saƙon ga ma'aikaci. Layi na biyu kuma ya ba mu abin da za mu iya tantancewa ba tare da wani inji ba: manhaja tana duba ko jimlar da aka ce an kwafo tana cikin takardar da gaske, harafi da harafi. Idan babu ita, amsar ba ta wucewa. Mun kama 'yan lokuta inda jimlar da aka kawo a matsayin hujja ita kanta ƙagaggiya ce.

Tambayoyi 40 marasa amsa su ne ke tuna mini abin da ya faru da Cursor, manhajar rubuta lambobin kwamfuta, a Afrilun 2025. Masu amfani da ita sun ga ana fitar da su daga asusunsu idan suka sauya kwamfuta. Da suka rubuta wa sashen taimako, injin da ke amsa wasiƙu ya shaida musu cewa sabuwar doka ce, na'ura ɗaya ga kowane asusu. Babu wannan doka, matsala ce ta manhaja. Kafin kamfanin ya fito ya ba da haƙuri wasu sun riga sun soke rajistarsu. Tambayar "me ya sa" da ba ta da amsa a takarda ita ce ta fi jawo irin wannan, domin dalili mai kama da hankali ba ya wuyar haɗawa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Mun ƙara mai gadi a bakin ƙofa: duk lambar da ta fito a amsa dole a same ta a sassan da aka dogara da su.

```python
import re

def lambobi(rubutu):
    return set(re.findall(r"\d+", rubutu))

def baki(amsa, madogara):
    return lambobi(amsa) - lambobi(madogara)
```

Idan `baki` ta dawo da wani abu, ana riƙe amsar. Ɗan wannan abu ya kama lambar wayar da babu ita, da lambar fom da aka ƙaga, da kwanakin aiki da babu wanda ya yi alkawarinsu. Mun yi muhawara a kan ko a yafe wa lambobin da kwastoma da kansa ya kawo, kamar wata 14 ɗin nan. Na ƙi, domin ta wannan ƙofar ce 24 ɗin mai zato marar tushe za ta shige. Gara a riƙe wasu amsoshi masu kyau ma'aikaci ya sake su.

Iyakarsa a fili take. Ba ya ganin lambar da aka rubuta da kalmomi, "shekara biyu" ta wuce shi salin alin, sai da muka ƙara mai juya irin waɗannan zuwa watanni. Babbar iyakar kuma ita ce bai san lamba ta wane ne ba. Idan sassan da aka ɗauko sun ƙunshi jimlar inbata da ta batir tare, 24 da 12 duk halal ne a wurinsa, ko da an ɗora wa batir ta inbata.

Don toshe wannan mun gwada sa inji na biyu ya duba kowace jimla ta amsar, ya ce ko sassan sun goyi bayanta. Yana kama musanyar batir da inbata sau da yawa. Amma yana ƙara jira da kuɗi a kan kowane saƙo, kuma shi ma injin harshe ne mai irin raunin na farko, wani lokaci su haɗu su yarda da kuskure ɗaya. Mun bar shi a kan tambayoyin kuɗi da garanti da haɗarin wuta kawai.

Akwai kuma wata dabara da na fi so a matsayin awo, ba magani ba: a ɗaga `temperature` kaɗan, a gudanar da tambaya ɗaya sau biyar. Idan lambobin suka sha bamban, alama ce injin canke yake yi. Idan suka zo ɗaya, wannan bai tabbatar da komai ba, domin kuskuren rabin jadawali na watan jiya sau biyar ɗin zai fito iri ɗaya.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Bayan duk wannan, tambayar batirin ta fito da wani sabon salo. Kwastoma ya ba da ranar saye maimakon yawan watanni, 20 ga Agusta, 2024. Daftarin ya kawo 12 daidai, ya kawo jimlar hujja daidai, sannan ya kammala da cewa garantin yana nan da sauransa. Injin bai san ranar yau ba sai an gaya masa, kuma ko an gaya masa, lissafin kwanan wata hasashen gutsure ne a wurinsa kamar kowane rubutu.

A nan muka yanke shawarar da nake ganin ita ce mafi girma a aikin: hukuncin garanti ya fita daga hannun injin gaba ɗaya. Aikinsa yanzu ya gane cewa tambayar ta garanti ce, ya karɓi lambar rasit, ya kira `duba_garanti`. Wannan ƙaramar manhaja ce ta yau da kullum da ke shiga rumbun bayanan ciniki ta yi lissafin ta dawo da sakamako:

```json
{"kaya": "batir", "watanni": 12,
 "ranar_saye": "2024-08-20",
 "ranar_karewa": "2025-08-20",
 "yana_aiki": false}
```

Jimlar da ke ɗauke da hukuncin ma ba injin ke rubuta ta ba. Rubutacciya ce da gurabe, manhaja ke cikewa. Injin yana rubuta gaisuwa da bayanin abin da kwastoma zai iya yi bayan ƙarewar garanti, shi ma daga takarda. Idan babu lambar rasit, ko rumbun bai amsa ba, babu hukunci, sai a nemi lambar ko a miƙa. Wannan gaɓar ta ƙarshe sai da muka tsare ta da kyau, domin a gwaji mun ga inda rumbun ya gaza amsawa, injin kuma ya ci gaba da rubutu kamar ya samu sakamako. Yanzu manhaja ce ke tsayar da zancen, ba a barin injin ya ga gurbin balle ya cike shi.

Haka za mu yi wa matsayin oda da mayar da kuɗi. Duk abin da ke da amsa ɗaya a rumbu, daga rumbu zai fito.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Mun sake gudanar da tambayoyi 200. Kuskure ya ragu sosai, kuma wanda ya rage yawanci a bayanin gyaran na'ura yake, inda injin ke haɗa matakan samfura biyu masu kama da juna. Sai dai miƙawa ta yi yawa. Cikin 120 masu amsa akwai da dama da aka tura wa ma'aikaci alhali amsar tana gaban injin, musamman idan kwastoma ya yi amfani da kalmar da ba ta takarda ba, ko ya haɗa tambaya biyu a saƙo ɗaya aka samu amsar ɗaya kawai.

Shugabar sashen ta ce, "Malam, da yana ƙarya, yanzu kuma ya koma kurma. Yaran nan aikin bai ragu musu yadda aka ce ba."

Tana da gaskiya, kuma makinmu ba ya nuna wannan ciwon sosai tunda miƙawa sifili ce. Daga yau muna rubuta alƙaluma biyu gefe da gefe: kuskure cikin abin da aka amsa, da miƙawa cikin abin da ke da amsa. Ba za mu karɓi gyaran da ya rage ɗaya ta hanyar kumbura ɗayan ba tare da an zauna an duba ba.

Aikin makon nan uku ne. Za a raba saƙo mai tambaya biyu kafin nema, a amsa wadda ke da madogara, a miƙa ɗayar. Za a sa sunan samfuri ya zama shinge a wajen nema, yadda matakan gyaran wata inbata ba za su shigo cikin na wata ba. Sannan jarrabawar tamu duka saƙo ɗaya-ɗaya ce, alhali kwastoma na gaske yakan dawo ya ce shi fa mai shago ya gaya masa shekara biyu ne, ya kuma nanata har sau uku. Ma'aikatan nan biyu sun fara rubuta hirarraki 30 masu irin wannan matsin lamba, kuma ranar Alhamis za mu gudanar da su.